Waifai ya haɗu, intanet babu: wasu wayoyi na aiki, wasu sun ƙi

Usman Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin nan ku taimaka, yau kwana tara ke nan ina fama. Ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Zariya, akwai rauta mai sim a ciki. Waya za ta haɗu da waifai, sanduna cike, amma a ƙasan sunan sai ta rubuta "Connected, no internet". Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba kowace waya ba ce. Yanzu haka kwamfutar tebur na aiki, wayar yaron shagona na aiki, tawa ta ƙi. Jiya kuma tawa ce ke aiki, tasa ta ƙi. Da safen nan wata baiwar Allah ta zo tura takardun makarantar ɗanta, muka yi kusan rabin awa, daga ƙarshe da datarta ta tura.

Kabiru Waya: Wa alaikumus salam. Maigida ka fara duba data tukun. Yawancin masu kawo min wannan ƙorafin a rumfa, datar ce ta ƙare ba su sani ba, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba. Sim ɗin rauta mantawa ake yi da shi tunda ba a kira da shi.

Usman Sabon Gari: Akwai saura giga 41, kuma layin a haɗe yake. Da datar ce ai kwamfutar ma ba za ta yi ba.

Kabiru Waya: To DNS ne, mai juya sunan shafi zuwa lamba, ko shakka babu. Shiga saitin waifai ɗin, ka mayar da IP settings daga DHCP zuwa Static, ka gangara DNS 1 ka sa 8.8.8.8, DNS 2 ka sa 8.8.4.4. Na gyara wayoyi da yawa da wannan.

Alhaji Ɗanjuma: Malam Usman maƙwabta ne ke sha maka. Ni ma haka aka yi min, yaran layinmu suka samu kalmar sirrin, kullum da daddare sai ka gan su jere a kan dakalin ƙofar gidana. Da na canza ta shi ke nan. Ka canza taka kawai.

Usman Sabon Gari: Alhaji Allah ya ƙara girma, na duba jerin waɗanda ke kai, na'ura shida ce kuma duk na san su. Kabiru na sa lambobin da ka ce, na kashe waifai na kunna, har yanzu shiru.

Bilkisu A.: Malam Usman sannu da haƙuri. Kafin ka ƙara taɓa komai, mayar da saitin nan DHCP yadda yake. Ina so mu gane inda hanyar ta yanke, domin rubutun nan da wayar ke nuna maka bai faɗi dalili ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da wayar Andiroid ta hau waifai, takan aika ɗan saƙon gwaji zuwa wani adireshin Gugul, irin su connectivitycheck.gstatic.com/generate_204, tana jiran wata amsa takamaimai. In amsar ta zo, ta ce akwai intanet. In wani shafi daban ya dawo, ta ce maka "Sign in to network". In ba abin da ya dawo, sai ta rubuta abin da kake gani. Sandunan kuma ƙarfin alaƙar wayarka da akwatin da ke ɗakin kawai suke nunawa, ba ruwansu da abin da ke bayan akwatin.

Tunda kwamfuta na aiki a kan layin, sim da eriyar kamfani sun fita daga zargi. Saura cikin shagonka. Ɗauki waya biyu, mai aiki da marar aiki. A kowacce ka taɓa sunan waifai ɗin, ka buɗe bayanansa, ka kwafo min abin da ke gaban IP address da Gateway. A Ayifon ana rubuta na biyun Router.

Usman Sabon Gari: To Malama. Ga na yaron, mai aiki:

```
IP address  192.168.8.103
Gateway     192.168.8.1
```

Ga nawa:

```
IP address  192.168.0.101
Gateway     192.168.0.1
```

Ban taɓa lura sun bambanta ba wallahi.

Bilkisu A.: Madalla, mun kusa. Rauta nawa ke shagon? Ka tuna da kyau, har wadda aka rataye a bango aka manta da ita.

Usman Sabon Gari: Biyu ne. Akwai wata tsohuwa mai eriya biyu da ƙanena ya jawo wa kebul zuwa ɗakin baya, inda ɗalibai ke zama su yi gwajin jarrabawa, saboda waifai ba ya ratsa bangon. Ya sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar don kada mutane su wahala. Yau kamar sati biyu. Amma ita ai ba sim a cikinta, ƙara ƙarfi kawai take yi.

Bilkisu A.: Je ka duba bayanta. Akwai ramukan kebul huɗu masu launi ɗaya, sai ɗaya mai launi daban da aka rubuta wa WAN. A wanne kebul ɗin yake?

Usman Sabon Gari: Yana cikin ɗaya daga rawayan, an rubuta LAN 2. Shuɗin babu komai a ciki.

Bilkisu A.: To ga ciwon nan. Kowace rauta ta gida tana zuwa da aikin raba adireshi a kunne, shi ne DHCP ɗin da ka gani a saiti. Waya in ta shigo, sai ta yi shela tana neman adireshi, mai rabawa ya ba ta lamba, ya gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita waje, wato Gateway, da wanda za ta tambaya sunayen shafuka. A gida ɗaya mai rabawa ɗaya ake so. Kai yanzu biyu gare ka a zaure guda, domin kebul ɗin da ya shiga ramin LAN ya haɗe su sun zama hanya ɗaya. Wayar da babbar rauta ta riga amsa wa, ta samu 192.168.8 da ƙofar da ke da sim a bayanta. Wadda tsohuwar ta riga amsa wa, ta samu 192.168.0, aka ce mata ƙofarki ni ce. Ita kuwa tsohuwar duk abin da aka ba ta na waje ta ramin WAN take neman fitar da shi, ramin da ka ce babu komai a ciki.

Shi ya sa yau taka, gobe ta yaron. Rige-rige ne. Kuma ina kyautata zaton abin ya fi tsanani in an ɗauke wuta an dawo da ita, ko ka juya zuwa janareta.

Usman Sabon Gari: Allahu akbar. Ƙwarai kuwa. Da safe in na tada inji kusan duk wayoyin ƙi suke yi, sai an yi ta kashewa ana kunnawa.

Bilkisu A.: Ƙananan rautocin nan sukan riga masu sim tashi. Kafin babbar ta gama shiri, tsohuwar ta baza sunan waifai, wayoyi sun hau, ta raba musu adireshinta ita kaɗai babu abokin takara. Kwamfutar tebur kuma kai ne ke kunna ta daga baya, ko kuma ta riƙe tsohon adireshinta tana sabuntawa a wurin babbar.

Kabiru Waya: Anti Bilki na yarda da bayaninki, amma ni fa ban ga laifin maganata ba. Na sha sa 8.8.8.8 waya ta tashi nan take a gaban mai ita. Kina nufin ƙarya idona ya gani?

Bilkisu A.: A'a Kabiru, idonka gaskiya ya gani, maganin naka na wani ciwon ne. DNS aikinsa juya suna zuwa lamba. In shi ne ya lalace, lamba na tafiya, suna ne ba ya tafiya. A wayar Malam Usman kuwa ko lambar ba ta fita, don 8.8.8.8 ɗin da ka ba shi shi ma a waje yake, sai an bi ta ƙofa kafin a kai gare shi, ƙofar kuma a toshe take. Gwajin ba wuya. A kwamfuta ko da manhajar ping a waya:

```
ping 8.8.8.8
ping google.com
```

Na farko ya amsa na biyu ya ƙi, to maganinka ne. Duka biyu sun ƙi, a koma duba ƙofa, kebul, sim ko data.

Usman Sabon Gari: Na sauke manhajar da datata na gwada a kan waifai ɗin. Duka biyun sun ƙi. Malama yaya zan yi, in cire tsohuwar ne? Ɗaliban ɗakin baya na buƙatarta.

Bilkisu A.: Ba sai ka cire ba. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka zare kebul ɗin daga LAN 2 ka soka shi a shuɗin ramin. Nan take tsohuwar za ta karɓi intanet daga babbar ta raba wa nata mutanen, kuma tunda ɗaya 8 ce ɗaya 0, lambobinsu ba za su yi karo ba. Illarta ita ce shagon ya rabu gida biyu. In kana da firinta a kan waifai, wanda ke wancan ɓangaren zai iya nemanta ya rasa.

Usman Sabon Gari: Akwai firinta kuwa, kuma daga waya ake yawan tura mata aiki.

Bilkisu A.: To bi ta biyun, a hankali, kada ka tsallake tsari. Zare kebul ɗin da ya haɗa su tukun. Haɗa laftof da tsohuwar ita kaɗai da ɗan gajeren kebul, ka rubuta 192.168.0.1 a burauza, sunan shiga da kalmar sirri galibi suna jikin takardar da ke manne a ƙasanta. Ka fara leƙawa ko tana da Access Point mode, in akwai ka zaɓe shi, ya gama maka aikin. In babu, je LAN ka canza adireshinta zuwa 192.168.8.2, ka adana, za ta sake tashi. Shiga da sabon adireshin, ka nemo DHCP Server ka kashe. Sannan ka mayar da dogon kebul ɗin ramin LAN yadda yake da. Abu ɗaya za ka tabbatar a babbar rautar: lambobin da take rabawa kada su haɗa da 2. Yawanci daga 100 suke farawa, kuma 103 ɗin yaronka ya nuna haka, amma ka duba da idonka. In ka gama, kowace waya a kashe waifai a kunna. Ka rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a jikinta, don wata shida nan gaba ba wanda zai tuna.

Nafisa: Salam, ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya. Anti Bilki ni ma irin wannan ce ke damuna amma a hostel. Muna sayen kati mai lamba, sai shafi ya buɗe ka rubuta lambar. Ni shafin ba ya fitowa sai na yi ta fama, in ya fito ma na sa lambar ya karɓa, ba abin da ke buɗewa. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya tata lafiya lau. Ko ni ma rauta biyu ce?

Kabiru Waya: Nafisa taki daban ce. Kin taɓa kai wayar an sa miki abin hana talla?

Nafisa: Eh, yayana ya sa min wani abu a saiti, ya ce tallace-tallace za su ragu. Sun ragu kuwa.

Kabiru Waya: Shi ne. Rubuta Private DNS a wurin bincike na saiti, za ki ga an zaɓi Private DNS provider hostname an rubuta wani suna a ƙasa. Mayar da shi Automatic ki sake gwadawa.

Bilkisu A.: Kabiru ya harbo daidai. Tun Andiroid 9 aka kawo saitin nan. In aka rubuta suna a wurin, wayar ta ɗaure kanta ke nan, ba za ta tambayi kowa sunan shafi ba sai wannan sabar, kuma ta wata ƙofa ta musamman mai lamba 853. Masu waifai na kati da na otal da yawa suna rufe ƙofofin da ba su saba da su ba. Sai ki biya kuɗinki, a buɗe miki hanya, wayarki ta tsaya tana jiran wanda ba za ta samu ba. Wani lokaci har takan rubuta "Private DNS server cannot be accessed".

Batun shafin da ba ya fitowa kuma, in kina da VPN ki kashe kafin ki shiga. Sannan ki buɗe burauza ki rubuta wannan daidai yadda yake:

```
http://neverssl.com
```

Dalili shi ne shafin katin tare hanya yake yi, ki nemi wani wuri ya miƙo miki kansa. Shafukan da suka fara da https a kulle suke, in aka yi musu wannan musayar burauza sai ta ƙi, ko ta fito da gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Wannan kuwa da gangan aka bar shi a buɗe. Masu Ayifon za su iya rubuta captive.apple.com, in kalmar Success ta fito to an riga an wuce shingen.

Nafisa: Ya yi! Na mayar Automatic komai ya buɗe. Allah ya saka muku da alheri. Amma tallan sun dawo.

Kabiru Waya: Sai haƙuri ƙanwata. In kin koma datarki ki mayar da sunan, ki kwafe shi a wani wuri kada ki manta. Kuma kada ki taɓa wurin da aka rubuta Randomized MAC bayan kin sa kati, in kin canza shi za su ɗauke ki wata waya daban su ce katin na hannun wani.

Isufu Maraɗi: Barkanku da aiki. Ni daga nan Nijar nake bibiyar zancen. Ina da ɗan akwatin aljihu mai batir, rezo cike yake, saƙon Watsaf na shiga yana fita, amma Chrome ya ce min DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG. In na kashe akwatin na kunna sai ya yi aiki kwana ɗaya ko biyu ya koma.

Alhaji Ɗanjuma: Malam Isufu ko irin datar nan ta zumunta ka saya, wadda Watsaf kawai take buɗewa? Jikana ya taɓa saya min ita bisa kuskure.

Isufu Maraɗi: A'a Baba, forfe na wata ne cikakke. Na yi gwajin da Hajiya Bilkisu ta faɗa yanzu. Lambar ta amsa, sunan ya ƙi.

Bilkisu A.: Tambayar Alhaji a kan hanya take, da ita zan fara ni ma. Amma tunda lamba ta amsa, wannan majinyacin Kabiru ne. Wayarka akwatin take tambaya sunaye, shi kuma ya miƙa tambayar ga kamfanin layi. Ɗaya daga cikin biyun ne ke yin shiru. Watsaf ɗin da ke tafiya bai ƙaryata hakan ba, haɗin da aka riga aka ƙulla ba ya buƙatar sake tambayar suna. Sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 yadda Kabiru ya nuna a sama, sai dai ka kula kada ka taɓa Gateway, kuma lambar IP ɗin da za ka tsayar ta zama wadda ba kowa a kanta. In shafin saitin akwatin ya yarda a canza DNS a can, ya fi, kowa ya huta gaba ɗaya.

Kabiru Waya: Ni na fi zargin akwatin. Tunda kashewa da kunnawa na gyara shi, shi ne ke cushewa.

Bilkisu A.: Zai yiwu. Amma kashewa da kunnawa na sa shi ya sake ƙulla haɗi da kamfanin ma, don haka bai raba gardamar ba. Malam Isufu, ranar da ya sake yi, kafin ka kashe, cire sim ɗin ka sa a waya kai tsaye ka buɗe shafi. Ko da yake shi ma sabon haɗi ne, ba zai yanke hukunci ɗari bisa ɗari ba. Abin da zai fi nunawa shi ne ka ari sim na wani kamfanin ka bar shi a akwatin kwana uku.

Isufu Maraɗi: To, zan nemi aro wurin ƙanina in gwada.

Usman Sabon Gari: Jama'a na dawo. Babu Access Point mode a tawa, sai na bi doguwar hanyar. Na ɗan rikice bayan na canza adireshin, shafin ya ɓace, sai da na zare kebul ɗin laftof na mayar sannan 192.168.8.2 ya buɗe. Na kashe DHCP, na haɗa su. Yanzu duk na'urorin shida 192.168.8 suke nunawa. Na kashe inji na tada da gangan don in gani: wayoyin sun ɗan tsaya a "Obtaining IP address" har babbar ta gama tashi, sannan duk suka hau. Firinta ma na gani daga ɗakin baya. Malama Bilkisu Allah ya ji ƙan mahaifa, ya ƙara basira.

Saura abu ɗaya. Tun kafin a kawo tsohuwar rautar, wajen ƙarfe biyu zuwa uku na rana babbar takan ɗauke gaba ɗaya, fitilun su mutu su sake kamawa da kansu. Yau ma ta yi sau biyu.

Kabiru Waya: Amin. Wannan adafta ce maigida. Duba abin da aka rubuta a ƙasan rautar da abin da ke jikin adaftar. In tana son 12V 2A ka ba ta 1A, da zarar mutane sun yi yawa tana jan wuta sai ta faɗi. Asalin tata ce ko an canza?

Usman Sabon Gari: An canza, ta asalin ta ƙone bara. Amma wannan ɗin lambobinta daidai suke da na jikin rautar.

Bilkisu A.: Ni lokacin da ka ambata ne ya tsaya min a rai. A ina take ajiye?

Usman Sabon Gari: A saman kanta kusa da rufin kwano, nan ne sabis ya fi kamawa.

Bilkisu A.: Ƙarfe biyu na rana a ƙarƙashin kwano, a watan nan. Taɓa ta ka ji in ta sake yi. Ni zafi nake zargi.

Kabiru Waya: Anti abin da aka rubuta a jikin adaftar kasuwa ba lallai shi take bayarwa ba. Na fasa su da yawa na gani. Kuma lokacin nan ne shagonsa ke cika, injin hoto na jan wuta a kan janareta ɗaya.

Bilkisu A.: Ban musa ba. Malam Usman kada ka canza biyun rana ɗaya, in ba haka ba ba za mu san wanne ne ba. Gobe sauko da ita ƙasa inda iska ke bi, ka bar adaftar yadda take. In ta sake ɗaukewa, jibi ka aro adafta mai kyau.

Usman Sabon Gari: In na sauko da ita sabis zai ragu zuwa sanda biyu, amma zan daure na kwana ɗaya. Gobe bayan la'asar in sha Allahu zan faɗa muku abin da ta yi.